Kuɗin Kujerar Hajiya: A Sayi Dala Ko A Zuba A Kirifto?

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Wuse, gidana kuma a Kubwa. Shekara huɗu ke nan ina tari don in biya wa mahaifiyata kujerar Makka, amma duk sanda na kusa kamowa sai kujerar ta ƙara nisa. Yanzu ina da naira miliyan 6, ina sa ran cikewa nan da shekara ɗaya da rabi. Maigidana ya ce in sayi dala in ajiye. Ƙanena mai harkar kirifto ya ce dala ta tsofaffi ce, in ba shi ya zuba mini a wayarsa, kafin lokacin sun ninka. Tsorona kar naira ta sake faɗuwa gumina ya narke. Wanne zan bi?

'Yar'uwarka daga Kubwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya, ya kuma nuna wa Hajiya ranar da za ta ga Ka'aba da idonta.

Ba zan ja ki da nisa ba kafin ki ji inda na tsaya. Wannan kuɗi ki mayar da mafi yawansa dala, a asusun da ke ɗauke da sunanki, kuma kada ki saye ta a rana ɗaya. Kada ko sisi daga cikinsa ya shiga wayar wani, ko da ɗan'uwanki ne ciki ɗaya. Dalilina ba wai dala ba ta da haɗari ba ne. Tana da shi, kuma zan zayyana miki. Dalilina shi ne kuɗinki yana da aiki, yana da ranar biya, kuma abin da za ki saya da shi da dala ake lissafa shi.

Ki dubi kujerar kanta. A 2023 maniyyacin Arewa ya biya kusan naira miliyan 3. A 2025 ya biya miliyan 8 da 'yan kai. Wanda ya ji haka zai ce Makka ce ta yi tsada. To amma jirgi, da masauki a Makka da Madina, da tanti a Mina, da guzuri, duk da dala ko riyal ake biyansu, riyal kuma a ɗaure yake da dala. In kika mayar da farashin shekarun nan biyu zuwa dala da canjin gwamnati na kowace shekara, za ki samu kujerar tana yawo tsakanin dala dubu biyar da dubu shida da wani abu. Kujera tana nan inda take, naira ce ta rame. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya sakar wa naira mara, canjin gwamnati ya tashi daga wajen 460 ya haura 700 cikin kwanaki, daga nan kuma abin da ya biyo baya kin gani a kan farashin dilar atamfa. Har waɗanda suka riga suka biya miliyan 4.9 na aikin Hajjin 2024 sai da aka ce su ciko miliyan 1.9, saboda kuɗinsu da naira yake ajiye, bashin kuma da dala yake. Wannan ya nuna miki cewa ko kafin alƙalami da ake kai wa hukumar alhazai ba ya ɗaure farashi.

Macen da take da miliyan 2.9 a farkon 2023, ta je wajen 'yan canji ta saya a kan 750, ta samu dala kusan 3,870. A canjin 1,550 wannan ya zama naira miliyan 6. Bai kai kuɗin kujera ba, amma ki kwatanta ta da wadda ta bar nata a asusun naira, wadda har yanzu miliyan 2.9 ɗinta ne ke kallonta. Iyakar abin da dala take yi ke nan. Ba ta haihuwa, tana dai tsare miki abin da kika riga kika tara kada ya zagwanye.

Yanzu ga inda dala take cizo, don maigidanki ma ya kamata ya ji. A watan Fabrairun 2024 dala ta haura 1,800 a hannun 'yan canji, hankalin kowa ya tashi, ana ta cewa gobe dubu biyu, jibi dubu uku. Mutane suka kwashi jarinsu suka yi Zon 4, matattarar 'yan canji a Abuja. Kafin tsakiyar Afrilu ta sauko wajen 1,150. Wanda ya zuba miliyan 4.5 a kan 1,800 ya karɓi dala 2,500. Da buƙata ta kama shi a Afrilu ya sayar, abin da ya dawo hannunsa miliyan 2 da dubu 875 ne. Sama da miliyan ɗaya da rabi sun tafi cikin wata biyu, ba ɓarawo, ba gobara. Na san 'yan kasuwar da wannan ya karya, kuma abin da ya karya su biyu ne: sun saya ranar da tsoro ya fi yawa, sannan da kuɗin juyawa suka saya, don haka ba su iya jira ba. Daga baya dalar ta sake hawa, amma su lokacin sun riga sun sayar.

Shi ya sa nake so ki raba kuɗin. Bari mu yi lissafin da canjin misali, ranar da za ki saya sai ki sa na ranar. Mu ƙaddara ɗan canji yana sayar miki a kan 1,520, yana saya a hannunki a kan 1,490. Cikin miliyan 6 ɗinki, ki bar miliyan 1 da dubu 440 a naira, saboda ciwo, ko kuɗin shago, ko dila ta zo da araha ba ki so ta wuce ki. Ragowar miliyan 4 da dubu 560 za su saya miki dala 3,000 cif. Ki lura da wannan naira 30 da ke tsakanin saye da sayarwa. Da za ki juya nan take ki mayar masa, miliyan 4 da dubu 470 zai ba ki, wato dubu 90 sun zama nasa. Wannan ita ce ribar sana'arsa, kuma duk lokacin da kika shiga kika fita sai kin biya ta. Don haka dala ba wurin ajiyar kuɗin da za ki taɓa bayan wata biyu ba ne.

Dala 3,000 ɗin ma kada ki saye su lokaci guda. Ki sayi dubu yanzu, dubu bayan sati shida, dubu bayan wani sati shidan. In na farko ya zo a 1,520, na biyu a 1,600, na uku a 1,440, kin tashi a tsakiya, ba ki kama mafi araha ba, ba ki kuma faɗa ramin mutanen Fabrairu ba. Babu wanda ya san inda canji zai kwana. Duk wanda ya ce miki ya sani, ki tambaye shi me ya hana shi sayar da gidansa ya saya. Abin da kike tarawa wata-wata daga nan gaba, duk sanda ya kai dala ɗari biyu sai ki canza ki ɗora.

To idan naira ta farfaɗo fa? A ce ranar biya canji ya sauko 1,250. Dalarki 3,000 ta zama miliyan 3 da dubu 750, a takarda kin yi asarar dubu 810. Zai yi miki zafi, amma kujerar ma da canjin ake auna ta, don haka ana sa ran ta sauko tare da shi. In kuma canji ya tashi 1,800, dalarki ta zama miliyan 5 da dubu 400, kujera ta hau, ke ma kin hau tare da ita. Ko ta wane ɓangare, rabon kujerar da kika riga kika mallaka yana nan kusan yadda yake. Wannan natsuwar ce kike saya da dubu 90 ɗin nan. Da a ce kuɗin hayar shago kike tarawa, wanda da naira za a karɓa, da ban ba ki wannan shawara da ƙarfi haka ba.

Sai batun inda za ta kwana. Mutanenmu da yawa sun fi son su riƙe takardar a gida, a ƙasan adaka ko cikin kumbo. Na fahimce su, amma dala 3,000 takarda talatin ce kacal, ta shiga aljihun yaro ba a ji ba. Ban da ɓarawo da wuta, akwai danshi. Na taɓa tsayawa a Zon 4 kusa da wani dattijo da ya kwance ƙullin leda, ya fito da takardun da suka yi damina biyu a ɗaki. Gefensu ya yi tabon ruwan ƙasa, wasu sun manne da juna. Ɗan canjin ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana warewa gida biyu, masu lafiya a dama, masu tabo a hagu, kuma na hagun sai da ya rage musu farashi. Dattijon bai yi musu ba, sai dai ya cire hularsa ya share gumi. 'Yan canji suna rage wa takarda mai tabo, da mai yaga, da mai rubutun biro ko hatimi, da ƙananan takardu irin na dala goma da ashirin, da kuma tsohuwar ɗari, wadda suke ce wa fara.

Saboda haka in za ki karɓi takarda, ki ce shuɗiya kike so, wato sabuwar ɗari da Amurka ta fitar a 2013. Ki koyi duba ta da kanki, abu ne na minti ɗaya. Shuɗin zaren da ke tsakiya saƙa shi aka yi cikin takardar, ba bugawa aka yi a kai ba. In kika karkata ta za ki ga ƙararrawa da lambar 100 suna motsi a cikinsa. Ƙararrawar da ke cikin kwalbar tawada tana juyawa daga launin jan ƙarfe zuwa kore. In kika ɗaga ta a haske, fuskar mutumin da ke jikin takardar tana bayyana a hankali a ɓangaren dama, inda babu zane. Ki goga farce a kafaɗar rigarsa, za ki ji kaushi. Ki yi cinikin a cikin ofishin mai lasisi, ba da yaran da ke tare motoci a bakin titi ba, ki karɓi rasit, ki ƙirga a gabansa, kuma kada takardar ta sake komawa hannun kowa bayan kin ƙirga. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji sama da dubu huɗu, don haka ba kowane mai allo a ƙofa ne yake da izini ba. Ki tafi da maigidanki. A yi hannu da hannu, naira ta fita dala ta shigo a zama ɗaya; haka malamai suka shardanta a canjin kuɗi, kuma shi ne ya fi tsare ki.

Daga can ki wuce banki kai tsaye. Ki riga ki buɗe asusun dala, wanda ma'aikatan banki ke ce wa dom, kafin ranar saye. Za su nemi BVN da NIN, da hoto, da shaidar inda kike zaune, wasu kuma su nemi mutum biyu masu tsaya miki. In ba ki son mu'amala da ruwa, bankunan Musulunci ma suna buɗewa. Wata fa'ida ta kai dalar banki a ranar ita ce injinsu zai tantance ta tun rasit ɗin ɗan canji bai huce ba.

Bankin ma yana da nasa. Na farko, ba kullum reshe yake da takardar dala a ƙasa ba. Sai a ce ki dawo jibi. Na biyu, doka tana juyawa. A 2015 an taɓa hana bankuna karɓar tsabar dala a irin wannan asusu, sai a farkon 2016 aka sassauta. A Fabrairun 2024 an yi ta raɗe-raɗin cewa gwamnati za ta mayar da kuɗin asusun dala naira da ƙarfi. Babban Banki ya fito ya ƙaryata, kuma ba a yi ba, amma ki san irin wannan tsoro yana dawowa duk sanda naira ta shiga matsi. Na uku, banki yana iya mutuwa, kamar yadda aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. Inshorar da hukumar NDIC take bayarwa iyakarta naira miliyan 5 ce ga kowane mai ajiya a banki ɗaya, kuma da naira aka yanke iyakar. Abin da ya haura nan sai an jira sayar da kadarorin bankin. Don haka ki zaɓi babban banki, kuma kada asusun shagonki da na dalar su haɗu a banki guda, in tarin ya yi nauyi ma ki raba shi biyu.

Yanzu mu zo kan maganar ƙanenki. Ban ɗauke shi macuci ba. Yawancin samarin nan da gaske suke, sun ga wani ya samu, suna so 'yan'uwansu su samu. Amma kalmar kirifto laima ce da ta rufe abubuwa daban-daban, kuma tambaya ɗaya za ta nuna miki wanne yake nufi: me zai sa kuɗin ya ninka?

In Bitkoyin ko 'yan'uwansa zai saya, to farashinsu da dala ake faɗarsa, kuma yana hawa da sauka fiye da yadda naira ta taɓa yi. A Nuwambar 2021 Bitkoyin ɗaya ya kai wajen dala 69,000. Shekara guda bayan nan, a Nuwambar 2022, ya faɗo wajen 16,000. Da dalarki 3,000 ta shiga a saman nan, da ta koma kusan 700. Gaskiya ne wanda ya daure ya riƙe ya ga ranar da ya haura dala 100,000 a ƙarshen 2024, kuma ƙanenki zai kawo miki wannan hujja. Sai dai wannan mutum shekara uku ya jira, kuma babu hukumar da ta sa masa wa'adi. Ke kuwa za a buga sanarwa a ce a kammala biya zuwa rana kaza, kuma kasuwa ba ta san Hajiya tana da shekaru ba. Wannan ma Bitkoyin ne, babban cikinsu. Ƙananan da ake jira farashinsu ya yi sama, da yawansu in suka faɗi ba sa tashi.

In kuma wata manhaja ce da ake zubawa tana ba da riba kullum ko duk wata, to wannan ba ma sai mun daɗe ba. A Afrilun 2025 wata irinta mai suna CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, bayan ta yi musu alƙawarin ninki cikin kwana talatin. Abin lura a nan, da wani kirifto mai suna USDT mutane suka riƙa zubawa, wato sun tsere wa faɗuwar naira, sun riƙe abin da ke daidai da dala, sannan suka miƙa shi da hannunsu. Alamominta su ne na MMM ta 2016: riba tabbatacciya, lada in ka kawo wani, lambobi suna ta ƙaruwa a fuskar waya, ranar cirewa kuma a ce sai ka ƙara wani abu don a tantance ka.

Saura na uku, wanda shi ne kaɗai ya cancanci a ɗora shi a sikeli ɗaya da dala, wato USDT ɗin kansa. Kamfanin Tether ne yake fitar da shi, da alƙawarin cewa kowane ɗaya dala ɗaya ne, kuma yana da kadarar da ta tsaya masa. Idan haka ne, to ki ga abin da ya fito fili: USDT ba ya ninkawa. Ɗaya dala ɗaya ne yau, dala ɗaya ne baɗi. Duk kariyar da zai ba ki daga faɗuwar naira ita ce dai wadda dalar banki za ta ba ki, ba ƙari. Abin da ya fi ta shi ne sauri, ana saye da tsakar dare, ana tura shi Chaina ko Dubai cikin mintuna, shi ya sa masu sarin kaya suke son sa. Ke kuwa ba turawa za ki yi ba, ajiyewa za ki yi shekara da rabi. Saurin ba zai amfane ki ba, haɗarin kuma duk za ki ɗauka.

Haɗarin farko, alƙawarin kamfani ne, ba kuɗin gwamnati ba, kuma babu inshorar da ta tsaya masa. A 2021 wata hukumar Amurka ta ci tarar Tether dala miliyan 41 kan bayanan da ya yi game da ajiyarsa. Ya ci gaba da aiki, har yau kuma yana riƙe da darajarsa, amma wani makamancinsa mai suna UST, wanda shi ma aka ce dala ɗaya ne, ya rushe a Mayun 2022 cikin 'yan kwanaki.

Na biyu, ina zai zauna? In a dandalin saye da sayarwa aka bar shi, kamfanin ne yake riƙe da shi, kuma FTX, wanda yana cikin manya a duniya, ya durƙushe a Nuwambar 2022 da kuɗin mutane a ciki. In kuma a walat na kai aka sa, wato ma'ajiyar kirifto da mutum yake riƙewa da kansa, to dukiyar gaba ɗaya ta rataya a kan kalmomi goma sha biyu da ake bayarwa ranar buɗewa. Wanda ya san su shi ne mai kuɗin. In sun ɓata tare da waya, babu ofishin da za a je da katin shaida a yi kuka. In wani ya ɗauki hotonsu, zai kwashe daga ko'ina yake. Ko wajen turawa, akwai hanyoyi irin su TRC20 da ERC20, in aka zaɓi wadda ba ita ba ko aka kuskure adireshi, sau da yawa shi ke nan.

Ki auna wannan da kalmar da ƙanenki ya faɗa: a wayarsa. Ma'anarta, a idon banki da kotu da kowa, kuɗin nasa ne. Rai a hannun Allah yake. In ta Allah ta kasance a kansa, ko dai ba wanda ya san kalmomin, kuɗi ya tafi har abada, ko kuma a same su a lissafa cikin gadonsa, ke ki koma neman shaidu a gidan makoki. Ko yana raye lafiya, saurayin da yake kallon kasuwa dare da rana, ga miliyoyi a tafin hannunsa, wata rana zai ga abin da ya tabbata zai tashi, ya ce bari ya ɗan juya ya mayar kafin Yaya ta tambaya. Da kyakkyawar niyya ake fara yawancin irin wannan. Na ga zumuncin da ya mutu a kan haka, uwa tana tsakiya ba ta san wanda za ta ba haƙuri ba.

Na uku shi ne ƙofar fita, kuma nan ne ni kaina na ƙone. Hukumar alhazai naira take karɓa, don haka dole wata rana a sayar da USDT ɗin, galibi ta hanyar da ake kira P2P: wani baƙo ya tura miki naira a asusunki, ke ki sakar masa. Na taɓa sayar da kaɗan ta haka. Kuɗi suka shigo, amma sunan wanda ya turo ba shi ne sunan wanda muke ciniki da shi ba. Na ga bambancin, na ce ai kuɗi sun shigo, na saki. Bayan kwana tara na je cire kuɗi aka ce an sa wa asusuna takunkumi, ana iya zubawa ba a iya cirewa. Ashe kuɗin da aka turo mini na wata baiwar Allah ce da aka damfara, ta kai ƙara, aka bi sawu ya biyo ta kaina. Sati bakwai ina zirga-zirga da takardu kafin a sake mini, kuma duk abin da ke asusun aka riƙe, ba iya na cinikin ba. Ki ƙaddara wannan ya same ki saura kwana goma a rufe karɓar kuɗin kujera. Ban da wannan akwai alat na bogi, saƙo ya shigo waya alhali ba abin da ya shiga asusu.

Dokar ƙasa ma ba ta zauna wuri ɗaya a kan harkar ba. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da ita, a Disambar 2023 ya janye, bayan wata biyu aka tsare jami'ai biyu na kamfanin kirifto na Binance a nan Abuja, a watan Maris na 2024 kamfanin ya daina harka da naira gaba ɗaya. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin nan ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Riƙe kirifto ba laifi ba ne, amma ƙofar da aka buɗe aka rufe sau da yawa haka cikin shekara huɗu, ba zan so kujerar Hajiya ta kasance a bayanta ba. Ta fuskar addini kuma malamanmu sun saɓa a kansa, kuma kuɗin Hajji ya fi kowane kuɗi buƙatar zuciya ta natsu da shi. In kin je wajen malaminku, ki haɗa da tambayar zakka, domin dalar da aka ajiye dukiya ce, in ta kai nisabi ta shekara ana fitar mata.

Ƙanenki kuma kada ki kunyata shi. Ki ce masa, “Wannan na Hajiya ne, na riga na yi masa wuri.” In kina sha'awar sanin harkar, musamman ko wata rana za ki fara saro kaya daga waje, ki ware dubu 50 daga ribar shago, ba daga wannan tari ba. Ya zauna ya koya miki a wayarki, da BVN ɗinki, a dandalin da ke da rajistar SEC. Ke za ki rubuta kalmomin da biro a takarda, ba a ɗauke su hoto ba. Ki saya, ki riƙe sati biyu, ki sayar, ki ga naira ta dawo asusunki, kuma kada ki saki sai kin buɗe manhajar banki kin ga kuɗin da idonki, da sunan wanda kuke ciniki da shi. Ta haka ya yi miki amfani da iliminsa, ba a kuma ɗora masa amanar da ta fi ƙarfin wuyansa ba.

Abu na ƙarshe shi ne ranar fita daga dalar. Da zarar hukumar alhazai ta Abuja ta sanar da kuɗin kujera da wa'adin biya, kada ki tsaya jiran canji ya ƙara naira ashirin. Ki sanar da bankinki kwana biyu ko uku kafin ki je, ki tambayi farashin da su za su saya, ki kwatanta da na ɗan canjinki, ki sayar wa wanda ya fi. In ɗan canji ne, nairar ta fito daga asusun kamfaninsa kai tsaye zuwa naki, ba daga wasu sunaye uku da ba ki sani ba. Ki gama wannan saura aƙalla sati biyu wa'adi ya cika, ki biya ta hanyar da hukumar ta bayyana da sunan Hajiya kamar yadda yake a fasfonta, ki adana rasit ɗin. In akwai ragowar dala ɗari biyu ko uku, kada ki canza su. Ki bar mata shuɗaye masu tsabta ta ƙara a guzuri. Allah ya sa da rabonta, ki gaishe mini da ita.